Lissafin ƙuna da ruwan Parkland a jarrabawar NCLEX

"Anti don Allah ki taimaka, ni nas ce a Kano ina shirin NCLEX in zo Amurka. Duk kwashon ɗin ƙuna sai na faɗi, na haddace fomula amma amsata ba ta taɓa dacewa da tasu."

Ƙanwata fomular ba ita ce matsalarki ba, ina kyautata zaton wuri biyu suke kama ki, wajen ƙirga fatar da ta ƙone da kuma wajen agogo.

Fara da jikin. A babban mutum ana raba shi tara-tara ne, kai da wuya kashi 9, kowane hannu 9, gaban gangar jiki wato ƙirji da ciki 18, baya 18, kowace ƙafa 18, al'aura 1. To abin da mutane ke mantawa shi ne hannu da ƙafa suna da gaba da baya, in suka ce gaban ƙafar hagu kawai, 9 ne ba 18 ba, gaban hannu kuma 4.5. Ki riƙa karanta kalmar anterior da posterior a allon nan a hankali, nan maki yake zubewa wallahi. Sannan fatar da ta yi ja kawai ba ta yi bororo ba, irin ta zafin rana, ba a saka ta a lissafi sam, da gangan suke jefa ta cikin labarin su ga ko za ki haɗa. In ƙunar ɗigo-ɗigo ce nan da can sai a auna da tafin hannun majinyacin haɗe da yatsunsa, kusan kashi 1 kenan, nasa fa ba naki ba.

Ga fomular Parkland ɗin yadda za ki gan ta, TBSA shi ne kason fatar jikin da ta ƙone:

```
4 mL × kg × %TBSA
```

Abin da ya fito shi ne ruwan awa 24 na farko, Ringer's lactate, rabi a awa 8 na farko, sauran rabin a awa 16.

Mu ɗauki mutum mai kilo 70, gas ɗin girki ya tashi da shi ƙarfe 2 na rana. Ƙirji da ciki sun ƙone, hannun dama duka, da gaban ƙafar hagu, fuska kuma ta yi ja kawai. An iso da shi imajensi ƙarfe 4. Ƙirji da ciki 18, hannu 9, gaban ƙafa 9, ya zama 36, fuskar a bar ta. Ki sa 36 ɗin yadda yake, kar ki mai da shi 0.36, sai 4 sau 70 sau 36 ya ba ki mil 10,080. Rabinsa 5,040.

Yanzu ga inda nake zargin kike faɗuwa. Awa 8 ɗin nan daga lokacin da wuta ta ci shi ake ƙirgawa, ba daga lokacin da ya shigo asibiti ba, tunda tun a lokacin jijiyoyin jini suka fara yoyon ruwa cikin nama. Ya ƙone ƙarfe 2, kenan zuwa 10 na dare dole rabin ya gama shiga, kuma awa 2 sun riga sun tafi a hanya, saura 6. Sai ki raba 5,040 gida 6, mil 840 a awa. In kika raba gida 8 za ki samu 630, kuma galibi za ki tarar da 630 ɗin zaune cikin zaɓin yana jiranki, shi ya sa mutum zai fito yana murna alhali ya faɗi. In kuma suka ce an riga an ɗaura masa lita ɗaya a ambulan, cire ta tukuna, 4,040 a raba 6, kusan 673. Daga 10 na dare kuma 5,040 a raba 16, mil 315 a awa.

Wani abu da zai iya rikita ki, littattafan ATLS na yanzu, wato na horon kula da masu mummunan rauni, da mil 2 suke farawa ga babba maimakon 4, saboda an ga ruwan na yin yawa har huhu da ciki su kumbura. Kar ki tsaya jayayya da kwamfuta, in sun ce Parkland ba su ba da wata lamba ba 4 ne, in sun ba da lambarsu bi tasu.

In aka tambaye ki ta yaya za a gane ruwan ya isa, amsar fitsari ce, ba hawan jini ko bugun zuciya ba. Ana son 0.5 mil a kowane kilo a awa, mutumin namu kenan wajen mil 35 a jakar katita duk awa. In kika ga 15 ruwa bai isa ba a ƙara gudun dirif, ba maganin sa fitsari za ki nema ba. Yaro ƙarami kuwa mil 1 ake nema a kilo, kuma kar ki yi masa tara-tara ta manya don kansa ya fi girma a jikinsa, jariri kai kaɗai wajen 18 ne, a nan jadawalin Lund da Browder ake ɗaukowa.