Maɓallin PrtScn ya daina ɗaukar hoton allo

Tambaya: Ina Garwa, tun da na saka OneDrive, maɓallin PrtScn bai ƙara buɗe min Snipping Tool ba. Mene ne mafita?

Malam, maɓallin bai lalace ba, OneDrive ne ya karɓe shi, domin Windows kan miƙa maɓalli ga manhajar da ta riga yin rajistarsa. Ka duba cikin Pictures\Screenshots na OneDrive. Idan hotunanka suna can, ka gano mai laifin. Sai ka shiga saitin OneDrive ka kashe zaɓin adana hotunan allo idan yana nan, wanda a ganina ɓarnar data ce kawai. Idan matsalar ta ci gaba, ka rufe Dropbox idan kana da shi ka sake gwadawa, kafin nan kuma ka riƙa amfani da Win+Shift+S.