Injin Jan Ruwa da Kuɗin Wuta: Amsoshin Tambayoyinku

"Tun da muka sa sumo a rijiyar burtsatsenmu katin wuta ba ya kai mu ƙarshen wata. A kwalinsa an rubuta 1.5 HP, kuma muna kunna shi kamar awa biyu kullum. Maigidana ya rasu, ni ke riƙe da gidan. Don Allah nawa yake ci a rana? Layinmu Band A ne." Wata uwa daga Kano.

Allah Ya jiƙan maigida, Hajiya, Ya albarkaci abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki, lissafin nan da wayarki ma za ki iya yin sa.

HP ɗin nan ƙarfin doki ne, kuma doki ɗaya daidai yake da wat 746, wato kilowat 0.746. Naki doki ɗaya da rabi ne, sai ki ninka 0.746 sau 1.5, ya ba ki kusan kilowat 1.12. A nan mutane da yawa ke tsayawa, kuma a nan suke yin kuskure. Wannan adadi ƙarfin da injin ke fitarwa ne wajen juya ruwa, ba wutar da yake sha daga mita ba. Wani kaso na wutar zafi yake zama a cikin wayoyin injin. Ƙananan injuna irin na gida sukan mayar da kamar kashi 70 cikin ɗari ne zuwa aiki, don haka sai ki raba 1.12 da 0.7. Amsar ita ce kilowat 1.6, kuma shi mita ke ƙirga miki.

Yunit ɗaya da kike saya a kati shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Awa biyu ke nan yunit 3.2 a rana. A watan Yulin 2024 farashin Band A ya koma naira 209.50 kowane yunit, idan aka ɗora harajin kashi 7.5 ya kai kusan naira 225. Da wannan farashi injinki na cin naira 720 a rana, wato 21,600 a wata. Da an tsaya a 1.12 ɗin farko, da an ce miki dubu goma sha biyar ne, ki yi ta neman inda sauran suka shige. Farashi yana sauyawa, saboda haka ki ɗauki rasiɗin katinki na ƙarshe, ki raba kuɗin da kika biya da yunit ɗin da aka ba ki, ki yi aiki da wannan.

Amma abin da ya fi lissafina tabbas shi ne mitarki. Ki kashe firij da dutsen guga da komai, ki rubuta yunit ɗin da ya rage, ki kunna sumo rabin awa cif, ki sake dubawa. Abin da ya ragu ki ninka shi biyu, kin san cinsa na awa guda. Sannan ki sa ido a kan tanki. Idan yara suka bar shi yana ambaliya rabin awa kullum, naira 180 ce ke bin kwata, 5,400 a wata. Ki sa mai aikin famfo ya ɗaura miki ƙwallon nan da ke kashe injin da kansa idan tanki ya cika, ba zai daɗe ba zai mayar da kuɗinsa.

"Ina so in cire mai doki ɗaya in sa mai doki uku, tanki ya cika da wuri, kuɗin wuta ya ragu. Ya ka gani?" Daga Zariya.

Malam, ka tambayi rijiyarka tukuna? Inji ba ya ƙirƙirar ruwa. Idan ƙasa ba ta ba da abin da mai doki uku ke zuƙa, cikin mintuna zai ƙafar da rijiyar ya koma jan iska da yashi, kuma sumo da ruwan da yake ciki yake sanyaya jikinsa. Ka ƙona shi, ka biya masu zaro shi, ga wuta ninki uku a kowace awa. Bar naka yadda yake.

"Na sayi inji 1.5 HP a rabin kuɗin da ake sayarwa. Na gwada da mita, yunit 0.8 kawai yake ci a awa. Ashe ban dace da mai tattalin wuta ba?" Wani mai gidan wanka.

Ba ka dace ba, ɗan'uwa, an cuce ka, kuma mitarka ce shaida. Injin da ke shan wat 800 ba zai taɓa fitar da wat 1,119 ba, domin ba a kwaso daga tukunya fiye da abin da aka zuba mata. Ƙaramin inji ne, bai kai doki ɗaya ba ma, aka manna masa takardar babba.

Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, don ya cika kasuwanninmu kuma mu ne muke ba shi gindin zama. Mutum zai tsaya ya yi ciniki awa guda a kan dubu biyu, amma ba zai sunkuya minti ɗaya ya karanta farantin da ke jikin injin ba. Faranti na gaskiya lambobinsa suna yarda da juna. Inda aka rubuta 1.5 HP za ka ga 1.1 kW a gefensa, inda aka rubuta 1 HP za ka ga 0.75 kW. Kamfanonin kirki har lamba biyu suke sawa, P1 wutar da yake sha, P2 ƙarfin da yake fitarwa, kuma dole P1 ta fi girma. Sai ka dubi lambar da ke tare da harafin A, wato amp ɗin wutar da yake ja, ka ninka ta da 230, wato volt ɗin wutar gida, ya ba ka wat ɗin da yake sha. Idan an ce doki ɗaya da rabi ne amma an rubuta 4 A, wat 920 ke nan, bai kai ba, ajiye musu kayansu. Na gaske yakan ja daga bakwai zuwa sama. Idan kuwa sun ƙware har sun daidaita lambobin ƙarya, ɗaga shi ka ji. Wayar tagulla tana da nauyi, ta alminiyom sakayau take, kuma ita ce ba ta jure wutarmu idan ta yi ƙasa, sai ta yi zafi ta ƙone. Araha ba ta ado. Kai da kake sayar da ruwan wanka, injin zai ɗauki awanni kafin ya cika abin da na gaske zai cika da wuri, yunit ɗin da kake murnar ka tsira da shi a tsawon lokaci zai fita, ga kuɗin naɗin waya yana jiranka. Kada ka sake sayen inji ba tare da mai aikin wuta da na'urar awon ƙarfin wuta ba, kuma ba rasiɗi ba ciniki. Wannan ɗin ka mayar tun da sauran sabuntarsa.

"Janaretona an rubuta 1.5 kVA. Zai ɗauki sumo mai doki ɗaya?" Daga Gusau.

Kada ka gwada. Doki ɗaya yana shan wajen kilowat 1.1 yana cikin aiki, amma a daidai lokacin tashi yakan fizgi ninki uku ko fiye na 'yan daƙiƙu. Janaretonka zai shaƙe, injin ya tsaya yana gurnani yana zafi. Nemi mai 2.5 kVA zuwa 3, kuma ka kashe sauran kaya kafin ka tayar da shi.