Yadda ake mayar da sashen maƙala jawabin taro

*Allah ya gafarta Malam, an karɓi maƙalata a taron ƙara wa juna sani, an ba ni minti 15. Na gwada karanta sashen sakamako a gaban abokaina, kafin in kai rabi na ga hankalinsu ya tafi. Yaya zan gyara shi ya zama na faɗa da baki?*

Ɗana, laifin ba na bincikenka ba ne. Mai karatu idan jimla ta shige masa duhu, zai koma baya ya sake bi. Mai sauraro ba shi da wannan dama, abin da ya wuce kunnensa ya wuce ke nan. Duk gyaran da za ka yi daga nan ya taso.

Fara da lissafi. Mai magana a natse yana furta kalma 120 zuwa 140 a minti ɗaya. Ka ware minti 2 don canza hoto a allo da shan numfashi, saura 13, wato kalma 1,700 ko kusa da haka ga jawabin duka. Sashen sakamako zai samu kamar minti 5, kalma 650. Dole wani abu ya fita, kuma kai za ka zaɓa tun a gida, kada agogo ya zaɓa maka a kan dandamali.

A ce ga jimlarka a rubuce: "Duk da cewa binciken baya, kamar yadda aka nuna a sashe na 2, ya danganta raguwar tsirowar iri da zafin ma'ajiya kaɗai, gwajin da aka yi a kan rukuni uku (duba jadawali na 4) ya nuna cewa danshi, musamman idan ajiya ta daɗe, ya fi tasiri, inda tsirowa ta ragu da kashi 47.6 cikin ɗari a rukuni na uku."

Karanta ta da ƙarfi. Numfashinka zai yanke tun kafin ka iso kalmar danshi, alhali ita ce zuciyar maganar. Ga yadda zan faɗe ta:

"Me ke lalata iri a ma'ajiya? An daɗe ana cewa zafi ne kaɗai. Mu kuma mun gwada rukuni uku, sai muka ga danshi ya fi zafi ɓarna. Ɓarnar tana ƙaruwa idan ajiya ta daɗe. Ku dubi rukuni na uku a allo: tsirowa ta ragu da kusan rabi."

Jimla ɗaya ta koma biyar, kowacce da kaya ɗaya a kanta. "Duba jadawali na 4" ya fita, domin babu mai jadawali a hannu, allo ya maye gurbinsa. Ainihin adadin, 47.6, yana nan a allo ga mai son rubutawa, baki kuwa ya faɗi abin da kunne zai riƙe. "An yi" ya koma "mun gwada", tunda ga ka nan tsaye a gabansu.

Sai dai ka kula, gajartawa ba daddatsawa ba ce. Na sha jin masu jawabi sun yanke jimloli har sun zubar da "amma" da "saboda" da "don haka", sai magana ta zama tarin guntaye, ba a san wanne ya haifi wanne ba. Waɗannan ƙananan kalmomi su ne igiyar da ta ɗaure hujjarka. Haka kuma idan ka rubuta "da alama" ko "a wannan gwajin", kada ka cire don jawabi ya yi armashi. Lokacin tambayoyi a nan za a kama ka, kuma da gaskiyarsu.

Sai alamun hanya, waɗanda ke yin aikin da kanun sashe ke yi a takarda. "Yanzu zan shiga sashe na gaba" ba ya gaya wa kowa komai. Ka ce: "Abu biyu muka gano, ɗaya kan danshi, ɗaya kan tsawon ajiya. Zan fara da danshi." Da ka gama ka rufe: "To, an gama da danshi, ya fi zafi ɓarna. Saura tsawon ajiya." Wanda hankalinsa ya tafi zai samu ƙofar dawowa. Idan ka ce biyu, ya zama biyu, domin mutane suna ƙirgawa. Kuma ka riƙe suna ɗaya: in ka fara da danshi, kada ka koma laima, za a zaci wani sabon abu ka kawo.

Da ka gama rubutawa, tashi tsaye ka karanta da agogo a gabanka da biro a hannu. Duk inda numfashi ya yanke maka a tsakiyar jimla, ja layi, ka raba ta a nan. Sannan ka sake kiran abokan nan naka, ka faɗa musu sau ɗaya, ka ce su lissafo maka abubuwa biyun da ka gano. In sun kawo ɗaya kawai, koma ka duba alamar da ke gaban na biyun.