Wane lokaci ya fi dacewa in ɗora kaya a waya, kuma sau nawa?

Tambaya: "Malam, ina sayar da atamfa da leshi daga gida a unguwar Birni, nan Damagaram. Kullum ina ɗora hotuna sun kai ashirin a sitatus na WhatsApp, ina kuma da shafi a Facebook. Mutane suna gani, amma ciniki bai taka kara ya karya ba. Wata ta ce da dare ake ɗorawa, wata ta ce da safe. Wanne zan bi, kuma sau nawa ya kamata a rana?"

Hajiya, ƙawayen naki kowace ta faɗi abin da ya yi mata aiki ne da nata mutanen. Mai sayar wa ɗaliban jami'a takalma da mai sayar wa matan aure leshin biki ba lokaci ɗaya masu sayensu suke riƙe waya ba. Naki lokacin yana cikin wayarki, sai dai a san abin da za a ƙirga. Alƙaluman da waya take nunawa suna faɗin lokacin da mutane suke kallo ne kawai. Lokacin da suke tambayar farashi har su biya, wannan ke za ki rubuta da hannunki, kuma shi ne zai yanke hukunci.

Mu fara da sitatus, tunda nan ne cinikinki ya fi yawa. Idan kika buɗe hoton da kika ɗora kika taɓa alamar idon nan da ke ƙasa, za ki ga sunan duk wanda ya kalla da lokacin da ya kalla. Bayan awa 24 hoton ya ɓace tare da lissafinsa, don haka sai an kwafe kafin ya tafi. Waɗanda suka kashe alamar karanta saƙo ba sa fitowa a jerin, kenan adadin gaskiya ya ɗan fi wanda kike gani, amma wannan ba ya ɓata kwatance tunda kullum haka yake.

Ki samu ƙaramin littafi ki ja layuka: rana, lokacin ɗorawa, irin kayan, masu kallo bayan awa biyu, masu kallo kafin ya ɓace, waɗanda suka tambayi farashi, waɗanda suka saya. Sai ki zaɓi lokuta uku da suka dace da rayuwar matan gari. Ga irin kayanki zan ce ƙarfe 7 na safe lokacin da yara suke shirin makaranta, ƙarfe 2 da rabi bayan Azahar da abincin rana, da ƙarfe 9 da rabi bayan Isha'i. Kowace rana ki ɗora sau ɗaya tak, kina juya lokutan bi da bi: yau safe, gobe rana, jibi dare, gata a koma safe. Idan kika yi haka kwana 21 ba fashi, kowane lokaci zai samu kwana bakwai, kuma zai faɗa kan kowace ranar mako sau ɗaya. Amfanin juyawar shi ne kada ki ce safiya ta fi kyau alhali Lahadi ce ta taimake ta.

Abin da ya fi ɓata irin wannan gwaji shi ne canza abu biyu a lokaci guda. Idan ranar safe kin ɗora ragowar atamfar bara, ranar dare kuma sabon leshi da ya iso daga Kano, to kayan kika gwada, ba lokacin ba. Ki riƙe yawan hotuna ɗaya, kaya masu kusan daraja ɗaya, farashi a rubuce a kan kowanne ko kuma babu a kan ko ɗaya.

Ga misali da alƙaluman da na ƙaddara don ki ga yadda ake karantawa. A ce bayan kwana 21 littafin ya nuna cewa na safe mutum 210 suke kallo a kai a kai, masu tambaya 11 gaba ɗaya, an sayi turmi 3. Na rana masu kallo 180, masu tambaya 15, an sayi turmi 7. Na dare masu kallo 260, masu tambaya 19, an sayi turmi 2. Wanda ya tsaya kan alamar ido zai ce dare ya ci. Amma idan ribarki jika ɗaya da rabi ce a kowane turmi, rana ta kawo sefa 10,500, safe 4,500, dare kuma 3,000.

A nan sai a tambayi dalili, kuma dalilin yana cikin hirarrakin da kika yi da su. Ki koma ki duba saƙonnin daren nan 19, ƙarfe nawa suka shigo, ƙarfe nawa kika amsa. Sau da yawa za a tarar mace ta rubuto "nawa ne?" ƙarfe 11, ke kin yi barci, kin amsa da hantsi, ita kuwa zuwa lokacin sha'awar ta huce ko ta ga wani wajen wata. Ta rana kuwa kina amsa mata nan take, ku daidaita, ki ba ɗan kabu-kabu ya kai mata kafin Magariba. Idan haka littafin ya nuna, zaɓi biyu gare ki: ko ki mayar da babban ɗorawarki rana, ko ki matso da na dare zuwa ƙarfe 8 da rabi ki zauna da wayar awa ɗaya da rabi kina amsawa. Ni dai ba na ba mai sana'a shawarar ɗora kaya a lokacin da ba za ta iya amsa saƙo ba, komai yawan masu kallo.

Kada kuma ki ɗora nauyi da yawa a kan ƙananan alƙaluma. Bakwai da biyu bambanci ne da ya isa a duba, amma bakwai da shida ba komai ba ne, biki ɗaya a unguwa yana iya kawo shi. Shi ya sa ya fi kyau a maimaita zagayen sau biyu, kwana 42, don ya haɗa da ƙarshen wata lokacin da albashi ya shiga hannun ma'aikata, da tsakiyar wata lokacin da aljihu ya yi sanyi. Ki sa alama a ranakun da aka wuni babu wuta ko rezo ya yi rauni, musamman cikin zafin Afrilu da Mayu, ki cire su daga lissafi, don wayar da ba ta da caji ba ta kallon atamfa.

Game da ranaku, littafin nan dai shi zai nuna, sai ki tara kowace rana daban. Ki lura da Alhamis, ranar da Kasuwar Dole take cika, ko masu sayenki suna fita ne su rage duba waya. Ki lura da Laraba da Alhamis ga masu neman abin sawa na Juma'a ko na bikin ƙarshen mako, ko da yake atamfa tana bukatar tela, don haka mai sayenta takan riga ranar bukata da mako ɗaya ko biyu. Kayan Salla ma haka ne, tun farkon azumi ake ɗora su kafin teloli su daina karɓar ɗinki.

Yanzu batun sau nawa, kuma ina ganin nan ne hotuna ashirin ɗin nan suke cutar da ke. Gobe ki duba masu kallon hoton farko, da na biyar, da na goma, da na ƙarshe. Idan kika ga kamar 240, 200, 110, 40, to daga na goma rabin mutane sun tafi, kuma duk abin da ke bayansa kusan ke kaɗai kika gani. Inda adadin ya faɗo rabin na farko, nan ne iyakarki. Ki tsaya ƙasa da shi, hotuna biyar zuwa bakwai, mafi kyawun ya zama na farko, ba addu'ar safiya ko bidiyon biki ba. Bidiyo yana cin forfe, mai ɗan ƙaramin forfe kuwa tsallake shi take yi, wani lokaci ta fice gaba ɗaya. Akwai kuma asarar da ba a gani: wadda ta gaji za ta iya ɓoye sitatus ɗinki ba tare da kin sani ba. Alamarsa ita ce lambobin da kika ajiye suna ƙaruwa amma masu kallon hoton farko suna raguwa mako bayan mako. Bayan kin gano lokacinki mafi kyau, ki gwada ƙara ɗorawa ta biyu ƙarama, hoto biyu ko uku, na mako biyu. Idan masu tambaya na wuni gaba ɗaya sun ƙaru, ki riƙe. Idan adadin ya rabu biyu ne kawai, ki koma sau ɗaya.

Facebook lissafinsa daban ne, don ba ya jera wa mutane abubuwa bisa lokacin da aka ɗora su, hotonki yana iya kaiwa ga wata bayan kwana biyu. Saboda haka awa ba ta da nauyi a can kamar a sitatus, kuma ɗorawa uku ko huɗu masu kyau a mako sun isa a fara da su. A shafinki ki shiga Statistiques, ko Insights idan wayarki da Ingilishi take, ki duba garuruwan da mabiyanki suke, wannan ya fi komai amfani gare ki. Idan yawancinsu Damagaram ne da Maraɗi da Yamai da Kano, agogonku ɗaya. Idan akwai ƴan uwa da yawa a Saudiyya, suna gabanmu da awa biyu, na Libiya da awa ɗaya. Sannan ki kula da jadawalin lokutan da mabiya suka fi shiga: wasu allunan Facebook suna lissafi da agogon Kaliforniya, wanda yake bayanmu da awa 8 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa 9 a sauran watanni. Idan jadawalin ya nuna mutanenki sun fi yawa ƙarfe 12 na rana, sun ɓace ƙarfe 7 na yamma, ki yi shakka, mai yiwuwa ƙarfe 8 na dare da ƙarfe 3 na dare ake nufi a agogonmu. Da manhajar Meta Business Suite kina iya tsara ɗorawar mako tun ranar Lahadi, kowace ta fita a lokacinta.

Lokacin da kika gano ba zai tsaya wuri ɗaya duk shekara ba. Magariba a Damagaram tana kusan ƙarfe 6 a Disamba, ta kai kusan 7 a Yuli, don haka ki riƙa auna lokacinki da salla, ba da agogo kaɗai ba. A azumi kuwa ki ajiye tsohon lissafin gaba ɗaya: bayan La'asar mata suna madafa, sai ki buɗe sabon shafi ki gwada hantsi, bayan Tarawi, da lokacin sahur, mako ɗaya ya isa ya nuna miki inda za ki karkata tunda watan gajere ne. Haka nan idan makarantu suka tafi hutu, ki sake duba na safen nan na ƙarfe 7, don gidan da ba a shirya yara ba a riƙe waya da wuri.