Likita, wane abin kare kunne ya dace da aikina?

Likita, shekarata tara ina niƙan hatsi a wajen Dawanau. Idan na tashi aiki sai in riƙa jin kunnena yana ƙugi har in kwanta, kuma maiɗakina tana cewa ina ƙure rediyo. Auduga nake cusawa. Ta isa, ko akwai abin da ya fi ta?

Malam, auduga ba ta isa ba. Iska na ratsa ta, kuma duk inda iska ta ratsa ƙara ma tana bi. Tana ɗan hana ƙurar gari shiga, amma abin da take ragewa na ƙarar injin bai taka kara ya karya ba.

Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka ajiye ita ce desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma duk lokacin da aka ƙara 3 a kai, lokacin da kunne zai iya ɗauka sai ya rabu biyu. A 88 awa huɗu ne, a 91 awa biyu, a 94 awa ɗaya, a 97 kuwa minti talatin kacal a yini guda. Injin niƙa mai aiki da lista a cikin ɗakin kwano yakan wuce 90 ba tare da wata wahala ba. Ba sai kana da na'urar awo za ka gane ba: idan yaronka na tsaye nesa da kai kamar tsawon hannu amma sai ka ɗaga murya sosai yake jin ka, to kun kai 85 ko kun wuce.

Abin da ya dace da kai shi ne matoshin kunne na soso, wanda ake murzawa a cusa. Tunda kai wuni kake yi a cikin ƙarar, ga zafi ga ƙura, shi ne wanda za ka iya jurewa daga safe har la'asar. A jikin ledarsa za ka ga lamba kusa da haruffan NRR ko SNR, ita ce ke nuna desibel nawa aka ce yana ragewa. Kada ka ɗauki lambar yadda take, domin a ɗakin gwaji aka same ta, inda ƙwararre ne ya sa wa mutum shi daidai. Ga lissafin da ake yi wa lambar NRR don a kusanci abin da ke faruwa a wurin aiki: ka cire 7, sauran ka raba biyu. Mu ɗauka injinka yana ba da 97, ka sayi soso mai lamba 33. Cire 7, saura 26, rabinsa 13. Abin da zai isa kunnenka ke nan 84, ka sauka ƙasa da iyaka da ƙyar. Da mai lamba 22 ka saya, da abin da zai rage maka bai kai 8 ba, kana nan a wajen 90. Don haka ka nemi mai lambar NRR 30 ko sama.

Sai dai yawancin waɗanda nake gani ba a wurin lamba suke samun matsala ba, a wurin sawa ne. Sai ka ga soson yana reto a bakin kunne kamar an liƙa shi, rabinsa a waje. Da hannu mai tsabta za ka murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri, babu lanƙwasa. Ka zagayo da ɗaya hannun ta saman kai, ka ja saman kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, sannan ka tura shi ciki kafin ya kumbura, ka riƙe da ɗan yatsa kamar daƙiƙa talatin. Idan ya zauna daidai, wanda ke kallon ka ta gaba da ƙyar zai hango shi, kuma muryarka za ta yi maka kamar kana magana a cikin randa. Ka gwada: ka rufe kunnuwanka da tafin hannu kusa da injin, ka buɗe. In ƙarar ta canza sosai, bai zauna ba, cire ka sake.

Ka sa shi kafin a tayar da injin, kada ka cire sai an kashe. Wannan ita ce maganar da na fi so ka riƙe. A 97 rabon kunnenka na yini minti talatin ne. Idan kana cirewa jefi-jefi don ciniki ko amsa waya, har ya taru ya kai awa ɗaya, to a wannan awar kaɗai ka ɗauki ninki biyu na abin da ya kamata, komai kyawun soson da ka sa a sauran awa bakwai ɗin. In waya ta shigo, fita daga ɗakin tukuna.

Ƙugin da kake ji alama ce cewa ƙananan ƙwayoyin ji na can cikin kunne suna jigata. Waɗanda suka gaji sukan farfaɗo bayan hutun dare, waɗanda suka mutu kuwa ba sa sake tsirowa, kuma babu ɗigon kunne ko allurar da ke dawo da su. Maganar rediyon ta sa ina zargin an fara samun raguwa. Ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ka nemi a yi maka gwajin ji. Ka je bayan ka yi aƙalla awa 14 ba ka shiga ƙara ba, misali ranar da ba ka fita aiki, don kada gajiyar yini ta ruɗa sakamakon.

Ni mai walda ne a Ƙofar Ruwa. Na sayi murfin kunne irin mai kama da hedifon saboda giranda, amma da na sa tabarau sai in ji kamar ba na sanye da komai. Jabu aka sayar mini?

Mai yiwuwa kayan lafiyarsu ƙalau. Murfin kunne yana aiki ne idan katifarsa ta manne da fata, ta zagaye kunnen gaba ɗaya babu kafa. Hannun tabarau mai kauri yana ɗaga katifar, ƙara ta shige ta wannan ɗan ramin. Gefen hula ma haka yake yi, da gashi mai yawa. Tunda ba za ka ajiye tabarau ba, kuma ba zan ce ka ajiye ba domin tartsatsin giranda yana makantarwa, ko dai ka nemi mai siririn hannu, ko ka koma matoshi.

Aikinka ya bambanta da na mai niƙa. Kai ƙarar tana zuwa tana tafiya: yanka na minti biyar, sai aune, sai walda. Ga hannunka kullum cikin baƙin mai da garin ƙarfe, bai kamata ka riƙa murza soso da shi kana tura wa kunne ba. A nan murfi ya fi sauƙi, ka ɗora ka sauke. In ya ƙi zama da abin rufe fuska na walda, akwai matoshi na roba mai zobba biyu ko uku da ɗan hannun riƙewa, wanda ba a murzawa, ana wanke shi da ruwa da sabulu a sake amfani da shi.

Giranda kan kai desibel 100 idan tana cin ƙarfe, wato minti 15 a yini. Ranar da za ka daɗe kana yanka, ko ana bugun kwano kusa da kai, ka haɗa biyun, soso a ciki murfi a sama. Lambobinsu ba haɗuwa suke yi ba, abin da za ka ƙaru da shi kamar desibel 5 ne a kan wanda ya fi ƙarfi, amma a irin wannan ƙarar 5 ba ƙaramin abu ba ne. Ka riƙa duba katifar kuma. Zafin Kano da gumi suna sa ta taurara ta tsage, kuma in ka ga murfin yana zamewa da ka sunkuya, bakan da ke kansa ya saki, lokacin canji ya yi.

Yaran da ke riƙe maka ƙarfe kana yankawa, kunnensu yana nesa ɗaya da naka daga girandar. Su ma ka saya musu, don Allah.

Likita, ina sana'ar markaɗe a gida a Kurna. Kunnena na hagu yakan fitar da ruwa lokaci-lokaci tun ina yarinya. Zan iya sa abin toshewa? Kuma ina tsoron ba zan ji yarana ba.

Hajiya, kada ki cusa komai a kunnen da ke fitar da ruwa. Ruwan da ke zuwa yana tafiya tun yarinta sau da yawa yana nufin akwai huji a dodon kunne, kuma matoshi zai tare danshi a ciki ya tsananta ciwon. Murfi ne naki har sai likitan kunne ya leƙa ya gaya miki halin da ake ciki, kuma wannan dubawar kada ki ƙara jinkirta ta. Ki ɗora murfin a kan fata, sannan ki sa hijabi ko mayafi a kansa. In ya hau kan ɗankwali ko kitso mai tudu, an bar wa ƙara hanya. Manyan 'yan kunne ma ki cire su. Ki goge katifar bayan aiki, kada wani ya ara.

Batun jin yara kuwa, abin kariya ba ya mayar da mutum kurma. Yana rage ƙarar injin da muryar mutane tare, kuma mai lafiyayyen kunne yakan ji ihu ko kira kamar yadda yake ji a da cikin ƙarar. Ke da ɗaya kunnen naki ke da rauni, kada ki zaɓi mai lamba mafi girma, matsakaici ya ishe ki tunda markaɗe ba wuni ake yi ana yin sa babu tsayawa ba. Abin da ya fi damuna shi ne jaririn da ake goyawa ana markaɗe. Ki ba wani shi, a shiga da shi ɗaki har ki gama.

Shagona na gyaran waya yana Farm Centre, janaretoci sun zagaye mu. Ina sa iyafis in kunna karatu don in daina jin su. Hakan kariya ce?

A'a, ƙanena. Iyafis na waya ba don tare ƙara aka yi shi ba, kuma kafin ka ji karatun a kan rurin janareta sai ka ƙure shi, ka ga ka ɗora wa kunnen ƙara a kan ƙara. Fara da gwajin tsawon hannu. In kana magana da kwastoma ba tare da ɗaga murya ba, da wuya ka kai matakin da ke kurmantarwa, ko da ƙarar tana gajiyar da kai. In sai da ihu, sa matoshi na roba mai lamba matsakaiciya, wanda zai bar ka ka yi ciniki.

Kafin ka sayi komai, ku yi magana da maƙwabta a matsar da janaretocin. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da injin, ƙararsa na sauka da kusan desibel 6, don haka wanda ke mita ɗaya da ƙofarka in ya koma mita huɗu ka rage kusan 12. A gyara salansar da ta fashe, a ɗaure kusoshin da ke karkarwa, a sa masa tsohuwar taya a ƙasa. Amma kada wani ya shigar da janareta cikin shago ko ya rufe shi ruf don a rage ƙara, hayaƙinsa yana kashe mutum cikin ɗaki ba tare da ya ankara ba.