Zanen Zuciya a Tafin Hannu: Ya Tsinke Ne Ko Ya Karye?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa "layin zuciya" a tafin hannu. Wanne ne a ciki, kuma sunan Hausa ne?

Buɗe hannunka, ɗana. Za ka ga manyan zane guda 3. Na sama, wanda ya fi kusa da gindin yatsu, shi ne ake nufi. Yana tasowa daga gefen hannu, ƙarƙashin ƙaramin yatsa, ya ratsa tafi ya nufi wajen manuniya. Na ƙasansa shi ake kira na kai, wanda ya kewaye tudun babban yatsa kuma na rayuwa.

Sunan fassara ce, an ɗauko shi daga littattafan masu duba tafin hannu na Turai. "Layi" kanta aro ce daga Turanci, ta kuwa zauna daram a bakinmu, ba ni da rigima da ita a layin awo ko layin waya. Amma abin da ke jikin fata "zane" ne, shi ya sa na fi son "zanen zuciya". Inda fassarar ta yi tuntuɓe shi ne a kan "zuciya". Su waɗanda suka raɗa sunan soyayya suke nufi, da yadda mutum ke nuna ƙauna. Mu kuwa in muka ce wane mai zuciya ne, ko ya yi zuciya, ba zancen so muke ba, zancen fushi ne da kishin kai. In muka ce zuciyarsa ta mutu, ya daina kishin kansa ke nan. Saboda haka Bahaushen da ya ji sunan nan karon farko zai iya zaton zanen saurin fushi ake nufi, kuma ba laifinsa ba ne.

Tambaya: "Tafi" na hannu da "tafi" na tafiya kalma ɗaya ce?

A'a. Rubutun boko ne ya haɗa su. Na hannu ana jan wasulansa duka biyu, kuma shi ne ɗan'uwan tafin da ake yi wa wanda ya burge.

Tambaya: Malam, nawa zanen ya yi lanƙwasa ya ƙare tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, sannan ya karye a ƙarƙashin yatsan zobe. Wata ƙawata ta ce alamar za a karya mini zuciya ce. Hankalina ya tashi.

Kwantar da hankalinki, 'yata, mu bi shi gaɓa gaɓa. Zan gaya miki abin da masu wannan sana'a ke faɗi kamar yadda suke faɗinsa, sannan in gaya miki nawa ra'ayin.

Abin da suke fara dubawa shi ne inda zanen ya tuƙe. Sun raba tudun da ke gindin kowane yatsa ga wani tauraro: na manuniya Mushtari, na yatsan tsakiya Zuhal. Zanen da ya yi tsawo har ya kai ƙarƙashin manuniya, sai su ce mai shi yana da dogon buri a soyayya, yana ɗora wanda yake so a kan matsayin da ɗan Adam ba ya iya kaiwa, don haka yakan sha takaici. Wanda ya tsaya gajere a ƙarƙashin yatsan tsakiya, sai su ce mai shi ya fi duba bukatar kansa, kuma ba gwanin tattalin zuciyar wani ba ne. Naki da ya faɗa tsakanin biyun shi suka fi yabawa: wai mutum ne mai so da hankalinsa a jikinsa. Kin ga ƙawarki ta tsallake wannan ba ta gaya miki ba. Ki kuma lura ko a nan ba su haɗu a baki ɗaya ba, domin wasu tsofaffin littattafansu suna ɗaukar wajen manuniya a matsayin mafarin zanen, ba ƙarshensa ba. Abin da wani ya kira mafari, wani ya kira matuƙa.

Sai siffarsa. Kin ce "ya yi lanƙwasa", kuma kin yi daidai. "Lanƙwasa" ta dace da abu mai laushi da ya bi hanya a hankali ya zama kamar baka. "Tanƙwara" akwai ƙarfi a cikinta, wani ne ya sa hannu ya tilasta, kamar yadda ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. "Karkata" kuwa abu ne miƙaƙƙe da ya jingina gefe guda bai rasa miƙewarsa ba. Yaran yanzu sun tattara ukun sun zuba a buhu ɗaya, kowanne ya zo baki sai a jefa. A wajen masu duba, bambancin nan shi ne kan magana: zanen da ya lanƙwasa sama ya nufi tsakanin yatsu wai na mutum ne mai bayyana abin da ke ransa, mai fara furtawa, mai saurin hawaye da saurin dariya. Miƙaƙƙe wanda ya ratsa tafi a kwance wai na mai zurfin ciki ne, yana so amma sai dai a gani a aikinsa. Wanda bakinsa ya karkato ƙasa ya nufi zanen kai, sukan ce tunani ya rinjayi shauƙi, ko kuma mai shi ya taɓa shan wuya.

Yanzu ga inda na daɗe ina jin haushi. Zane ba ya karyewa. Abin da ke karyewa shi ne mai tauri: sanda, ƙashi, reshen icce. Abu siriri mai tsawo, irin zare ko igiya, tsinkewa yake yi. In kuma tafiyarsa ce ta tsaya sannan ta ci gaba, sai mu ce ya katse. Wanda ya fara cewa "zanen ya karye" Turanci yake yi da bakin Hausa. Daga nan kuskure ya haifi ɗan'uwansa, aka ce tunda zanen zuciya ya karye, to za a karya zuciya. Alhali karayar zuciya a Hausa sarewa ce. Mayaƙi ya ga yawan abokan gaba zuciyarsa ta karaya. Ka ga maraya yana kuka ka ce ya karya maka zuciya, wato tausayi ya kama ka har jikinka ya yi sanyi. Wanda masoyi ya juya wa baya kuwa muna da kalmominmu: an yaudare shi, an ci amanarsa, an yi masa butulci, ransa ya ɓaci, zuciyarsa ta yi ƙuna. Ina jin masu fassarar finafinai da masu rubutun soyayya suna ta "karya zuciya" dare da rana, har ta fara zama jiki ga matasa. Harshe yana canzawa, na sani, amma bai kamata mu bar kalma mai kyau irin "karaya" ta rasa ma'anarta muna kallo ba.

To, tsinkewar kanta iri biyu ce a wajensu, sai ki sake duba hannunki a wuri mai haske, ki ɗan dunƙule shi kaɗan don zanen ya fito. In akwai fili fetal tsakanin bakin da ya tsaya da wanda ya ci gaba, suna fassara shi da rabuwa ko girgiza ta farat ɗaya. In kuwa bakunan biyu sun goga juna, ɗaya ya fara kafin ɗayan ya ƙare, kamar an ɗora zare kan zare, suna cewa sauyi ne da ya zo a hankali kuma aka warke. Akwai wasu siffofi biyu da mutane ke rikitawa da tsinkewa. Ɗaya ita ce inda zanen ya rabu biyu ya sake haɗewa ya bar ɗan fili kamar kafar allura, suna kiran wannan tsibiri, wai lokacin damuwa ne. Ɗayar ita ce inda irin waɗannan suka jeru kamar sarƙa, wai alamar zuciya mai yawan sauyawa. Sau da yawa abin da mutum ya ɗauka tsinkewa ne, da ya lanƙwasa yatsu sai ya ga zanen a haɗe yake, wurin ne kawai bai yi zurfi ba.

Nawa ra'ayin kuwa shi ne, wannan zane maninkar fata ce. Ki lanƙwasa ƙaramin yatsa da na zobe da na tsakiya daga gindinsu, za ki ga daidai kan zanen nan fatar ke ninkewa. Yana fitowa tun jariri yana ciki, wajen mako na 12 zuwa 13, tun bai san kowa ba balle ya so shi. Babu wani binciken kimiyya da ya tabbatar cewa tsayinsa ko tsinkewarsa na faɗin abin da zai sami mutum a aure ko soyayya. Kuma ki lura da irin fassarorin da na jero miki: waye bai taɓa shan takaici ba, waye bai taɓa rabuwa da wani ba? Riga ce da aka ɗinka ta shiga kowa. Abin da nake tsoro shi ne ki ɗauki maganar ƙawarki ki riƙa zargin mutumin da bai yi miki komai ba.

Tambaya: Hannun dama ake dubawa ko na hagu?

Galibinsu sukan ce hannun da kake aiki da shi yana nuna abin da ka zama, ɗayan kuma abin da aka haife ka da shi. Bahago sai ya juya lissafin.

Tambaya: Malam, ɗana zane ɗaya ne ya ratsa tafinsa daga gefe zuwa gefe, babu na zuciya daban. Wai ba shi da tausayi ke nan?

Haba malama, kada ki ɗora wa yaro wannan. Zanen zuciya da na kai ne suka haɗe suka zama ɗaya, kuma ana samun haka a hannun mutane masu cikakkiyar lafiya, wani lokaci ma gado ne a dangi. Likitoci sun san shi, sukan lura da shi wajen duba jarirai saboda ya fi yawa ga masu lalurar Down, wadda ake haifar yaro da ita take jinkirta masa girma da koyo, amma shi kaɗai ba ya nuna ciwo sai in ya zo tare da wasu alamomi. In girman yaron ko maganarsa na ba ki damuwa, likitan yara za ki kai wa. Tausayi kuwa ki dube shi a yadda yake yi da ƙannensa.

Tambaya: "Hali zanen dutse." Ashe ba zanen hannu ake nufi ba?

Dutse aka ce, ba hannu ba. Kwatance ne: kamar yadda abin da aka zana a dutse ba ya kankaruwa, haka halin da mutum ya saba da shi yake da wuyar bari. Karin maganar ba ta ce an rubuta halin a wata gaɓa ta jiki da za a je a karanta ba. Wadda ta taɓo zancen karanta zuciya ita ce "labarin zuciya a tambayi fuska", kuma dalilin zaɓen fuska a fili yake: tana sauyawa da abin da ke rai, ta yi haske, ta murtuke, ta yi yaushi cikin ɗan lokaci. Zanen tafi kuwa ranar ɗaurin aure da ranar zaman makoki yana nan yadda yake.