Batir mai 40 kWh: kilomita nawa zai kai ka a Legas, nawa za ka kashe?

"Salamu alaikum jama'a. An yi min tayin Nissan Leaf tokumbo, batirinta 40 kWh, dillalin ya ce tana yin kilomita 240. A Agege nake zaune, wurin aikina kuma Bitoriya Ailan. Za ta ishe ni? Kuma cajin nawa zai riƙa ci min?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Irinta nake hawa shekara biyu ke nan, kuma hanyarmu kusan ɗaya ce, don haka bari in ba ka lissafin yadda nake yinsa.

Shi kWh ɗin nan ba wani abu ba ne illa yunit ɗin da kake saya a mitar gidanka. Batirin yana ɗaukar yunit 40 a takarda, amma motar tana ɓoye wani kaso don kare shi, abin da kake iya taɓawa tana sabuwa bai fi 37 ba. Sannan batir yana tsufa, na Leaf kuwa ba shi da ruwan sanyaya shi, zafin ƙasarmu yana cinsa. A allonta akwai sanduna 12 na lafiyar batir, dabam da na caji. In ka ga ɗaya ta ɓace, lafiyar ta sauko wajen kashi 85 cikin ɗari. Tawa a nan take, yunit 31 ke nan. Ni kuma ba na yarda ta sauka ƙasa da kashi 15, don haka yunit 26 nake lissafi da su.

Sai ka raba da abin da take ci a kowace kilomita. In hanya a buɗe take, da iyakwandishan a kunne, tawa tana cin 0.17. Ka raba 26 da 0.17, ka samu kilomita 153. Dillalin bai ƙirƙiri 240 ba, amma lissafin sabuwar mota ce da aka zuƙe batirinta ƙarƙaf.

Inda na fi so ka tsaya ka duba shi ne cunkoso. Motar lantarki in ta tsaya injinta ba ya cin komai, shi ya sa ake cewa ta dace da Legas. Gaskiya ne, amma iyakwandishan da awa yake ci, ba ruwansa da kilomita. Da rana tsaka nawa yana jan wajen yunit ɗaya da rabi a awa. Daga Agege zuwa Ailan da dawowa wajen kilomita 60 ne, yunit 10 ke nan. Ranar da Oshodi da babbar gada suka cushe, ka ƙara awa biyu kana rarrafe, sai ka ɗora yunit 3. Ya zama 13. Ka ga caji ɗaya kwana biyu zai yi maka, ba huɗu ba. Na taɓa yarda da lambar da allon ke nunawa, na fito a kwana na uku ban yi caji ba, da ƙyar na iso Ikeja gilashi a sauke, gumi sharkaf.

Batun kuɗi kuma, mitar gida za ka duba, don cajar tana ɓarar da wajen kashi 10 zuwa 15 na wutar, su koma zafi. Kafin 13 su shiga batir, mita ta cinye kusan 15. Layina Band A ne, rasit ɗina na ƙarshe yunit ya kama naira 209.5, da haraji ya kai wajen 225. Yunit 15 sun tashi naira 3,375 a rana, wato naira 56 a kilomita. Tsohuwar motata a wannan hanyar lita 7 take sha, in lita tana 900, naira 6,300 ke nan. Ka sa farashin rasit ɗinka a wurin nawa.

Amma duk ribar tana rataye ne da wuta. A soket na gida, amfiya 10 sau bolt 230 yana ba da kilowat 2.3, yunit 15 ɗin nan sai sun ɗauki awa shida da rabi. In layinku ba ya samun haka da dare ka koma kan ƙaramin janareta, lita ɗaya da ƙyar take ba da yunit 2. Lita bakwai da rabi ke nan, ka koma gidan jiya har da ƙari.

Ibadan kuwa, a gudun 110 tana cin wajen 0.2, kilomita 130 za su lashe 26 ɗin gaba ɗaya. Za ka isa, amma dawowa sai ka samu inda za ka yi caji a can.

Kafin ka biya, ka ƙirga sandunan da idonka, sannan ka duba rubutun jikin cajar. In daga Amurka aka kawo motar, wasu cajojin na bolt 120 ne kawai, ka soka a wutarmu su ƙone nan take.